Daga Fangalin Mahaifina Zuwa Injin Casa: Bayanina Ga Jami'in Banki

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

A fom ɗin neman bashi da aka ba ni akwai wani gida mai layi uku, inda aka ce in rubuta tarihin sana'ata. Na cika shi, amma layi uku ba zai ɗauki abin da ya kamata ka sani ba kafin ka sa hannu a kan kuɗin jama'a. Shi ya sa na zaunar da babbar 'yata, wadda ke riƙe mana littafin ma'aikata, ina faɗa tana rubutawa. Akwai abin da za ka gani a takardun asusuna ya ɗaure maka kai, akwai kuma wata shekara da na makara wajen biyan bashi. Gara ka ji su daga bakina da ka tsinto su a bincike.

An haife ni a 1979 a wani ƙauye cikin ƙasar Kura, jihar Kano. Na buɗe ido na tarar ruwan madatsar Tiga yana bin kwata yana shiga gonakin yankinmu, don haka ban san zamanin da mutanenmu ke zaman kashe wando da rani ba, sai dai a bakin tsofaffi. Mahaifina yana da eka uku a cikin filin noman rani, yana shinkafa da damina, yana tumatir da ɗan alkama da rani. Na yi allo, na yi firamare, na shiga sakandare na tsaya a aji uku. Ina karanta Hausa da lambobi sarai. Turanci kuwa na fom ne da na rasit, ba na dogon zance ba.

Abin da ya zama sana'ata yau ba a gona na fara ganinsa ba, a tsakar gidanmu na gan shi. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, gumin shinkafa take yi. Da la'asar ta jiƙa shanshera a rabin duro, da asuba ta hura wuta, kafin hantsi ta baza a tabarma. Aikina shi ne korar kaji da juya shanya da ƙafa. Idan tana so ta san shinkafa ta isa kwashewa, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza tsakanin tafukanta, ta sa a haƙorin gaba ta ciza. In ta ce "ƙas", ta yi. In ta lotsa, da saura. Na ɗauka wasa take yi. Sai da na yi asarar da zan ba ka labarinta nan gaba na gane cewa duk ribar wannan sana'a tana cikin wannan cizon.

Mahaifina ya rasu a 2003, aka raba gado, na samu eka ɗaya da rabi, na kuma karɓi na ƙannena mata ina nomawa ina ba su nasu a kaka. Shekara goma sha uku ina wannan. Ba zan cika ka da labarinsu ba, don iri ɗaya ne da na kowane manomi a nan: ka ci bashin taki, ka yi noma, ranar da ka yi bugu ka tarar da masu binka suna tsaye a bakin gona, ka sayar a ranar da kowa ke sayarwa. Bayan wata huɗu ka je kasuwa ka ga shinkafarka an gyara ta, an zuba a buhu mai zane, kuɗinta ya fi ƙarfinka.

Tumatir ne ke rufa min asiri da rani, har zuwa 2016, shekarar da tsutsar nan da muke kira sharon ta shigo gonakin Kano da Kaduna da Katsina. Na yi feshi har na daina ƙirga kwalabe. Gonar da na bari kore shar ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar ta koma kamar an bi ta da wuta. Ban ɗauki kwando ashirin ba a inda na saba ɗaukar ɗaruruwa. A wannan shekarar na yanke wa kaina cewa ba zan ƙara jingina gidana ga kayan gwari ba, kayan da ba ya kwana uku a hannunka. Shinkafa ko ba komai tana jira.

A kakar 2016 na hana kaina sayar da buhu goma sha biyar cikin abin da na noma. Na ba matan gidanmu suka yi gumi, na kai injin haya a cikin Kura aka cashe, na ɗora a mota na kai Kano na sayar wa masu shaguna kwano-kwano. Abin da na samu a kan waɗannan buhunan ya fi na sauran da na sayar a bakin gona nesa ba kusa ba. Daga nan na fara sayen ta maƙwabta. Lokacin ma ya taimaka, domin tun 2015 Babban Banki ya daina ba masu shigo da shinkafa dala a farashin hukuma, sannan a watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disambar 2020. A wannan tsakanin duk abin da ka cashe, kafin ya huce an saye. Ba na yaudarar kaina cewa wayona ne kaɗai ya kawo ni. Iska ce ta kaɗa, ta tarar da ni riƙe da faifai.

Da ribar waɗannan shekaru na sayi fili a bakin titi, na yi rumfa, na dasa injin casa a 2020, na kuma yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC. Na zaɓi inji mai robobi, ban sayi na ƙarfe irin na da ba, duk da ya fi araha. Na ƙarfe yana gurje ƙwayar da ƙarfin tsiya, ya kakkarya ta, ya haɗa buntu da dusa wuri guda yadda dusar ba ta da kuɗi. Mai robobi yana ɓare buntun daban, sannan a goge ƙwayar daban. Na ƙara da injin tsince tsakuwa, domin babu abin da ya ɓata wa shinkafar gida suna kamar haƙorin mai ci ya gamu da dutse.

Yanzu ga shekarar da na faɗi.

A watan Yunin 2021 na karɓi bashin naira miliyan 3 daga wani ƙaramin banki, na haɗa da nawa, na sayi shanshera buhu 300 ta noman rani. Shinkafar rani a yankinmu ana yanke ta ne a Mayu zuwa Yuni, daidai lokacin da hadari ya fara haɗuwa. Manomi yana tsoron ruwa ya same ta a gona, sai ya yanka yau, ya buga gobe, ya ɗura a buhu jibi. Ni kuma ina ganin araha, ina saye da buhu, ba sikeli, ba awon laima. Na cusa hannu a bakin buhu na ji ta a bushe, ban yi tunanin cewa ta sama ce kaɗai ta sha iska ba. Na jibge su a sito har kusa da kwano, a kan dandaryar siminti, na kulle, ina jiran farashi ya ɗaga.

Kwana na goma sha biyu maigadi ya ce min sito yana wani wari kamar na tsimi. Na buɗe ƙofa, zafi ya bugi fuskata. Na hau na zare buhu ɗaya daga tsakiya, na zura hannu har gwiwar hannu, sai na ji kamar na sa shi a tukunyar da aka sauke yanzu. Shinkafar ta dunƙule, wasu ƙwayoyin bakin ɗinki har sun fara tsiro. Muka kwana biyu muna fitarwa muna bazawa, ruwa yana kora mu muna kwashewa. Buhu kusan 70 na tsakiya sun riga sun yi ja, kuma jan da zafi ya sa wa ƙwaya ba ya goguwa a inji. Na sayar da su ga masu kiwon kaji a wulaƙance. Sauran da suka tsira, da suka bushe na ɗora a sikelin aro, na tarar kowane buhu ya rage da kusan kashi ɗaya cikin goma. Wato cikin buhu 300 da na biya, na kusan buhu 30 ruwa na saya.

Na makara wata huɗu a biyan wannan bashi. Na sayar da shanun huɗata biyu da babur na cika, har da tarar da aka ɗora. Takardar shaidar kammala biya tana cikin fayil ɗin da na kawo, ita ce ta uku daga sama. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Manoman ba su cuce ni ba, abin da na tambaya suka ba ni, ni ne ban san abin tambaya ba.

Abin da na koya shi ne nake so ka auna ni da shi. Na sayi sikeli da 'yar na'urar awon laima, kuma daga ranar ban ƙara sayen shanshera da ido ba. Shanshera ba ta ajiyuwa lafiya sai laimarta ta sauko zuwa kashi 14 cikin ɗari. Wadda aka yanka jiya takan kai 22 ko fiye. Lissafin kuwa ba wuya: kilo 100 mai laima 22, tsabar abin da ke ciki kilo 78 ne, sauran ruwa. In ta bushe zuwa 14, sai ka raba 78 da 86 ka ninka da ɗari, ka ga ta dawo kilo 91 ba kaɗan. Don haka idan manomi ya kawo min mai 22, ina nuna masa lambar a na'ura da idonsa, in ce ko in cire kilo 9 a kowane ɗari, ko ya baza a dandalina kyauta ya dawo gobe mu sake aunawa. Da farko sun yi ta gunaguni, har aka sa min suna Mai Allura, saboda tsinken na'urar da nake soka wa buhu. Yanzu da yawansu da kansu suke cewa in soka, don sun ga mai busasshiya yana karɓar kuɗinsa cif. A sito kuma babu buhun da ke taɓa ƙasa ko bango. Katako ne a ƙasa, akwai hanyar mutum tsakanin layi da layi, kuma duk Asabar ina zare buhu daga tsakiya in gwada.

Bari in nuna maka yadda aikin yake a yau, don ka san inda kuɗin bankinku zai bi.

Mutum takwas ne ma'aikatan dindindin, ban da mata goma sha biyu masu gumi da ake biya a kan yawan abin da suka yi. Ana fara wanke shanshera a kwashe fankon da ya taso sama. A jiƙa ta a ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ta kwana a ciki. Da safe a tsame, a zuba a duro mai rariya a ƙasa yadda tururi kaɗai zai ratsa ta, ruwa ba zai taɓa ta ba, har bawon ya fara tsagewa. Sai shanya. A nan ne yawancin masu sana'ar ke zubar da ribarsu ba su sani ba. Idan ka bar ta a zafin rana har ta bushe ƙarau a yini ɗaya, ƙwayar tana tsagewa a cikin bawonta, ba ka gani sai ta shiga inji ta fito tsaki. Mu mukan ba ta rana rabin yini muna juyawa, mu tara ta mu rufe ta huta, sannan a ƙarasa a inuwa. Idan kuma jiƙon bai yi ba, za ka ga wani fari a tsakiyar ƙwayar. Matan suna kiransa farin ciki, kuma shi ne kaɗai farin cikin da ba ma murna da shi, don 'yan kasuwa suna rage masa kuɗi.

Itace ya yi tsada, kuma tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin ɗaukarsa ya kusa kamo kuɗinsa. Sai muka gina murhun da ke cin buntu. Abin da a da nake biya a kwashe min, yanzu shi ke dafa mana shinkafa.

Wani abin da nake so ka lura da shi: a takardar injina an rubuta yana cashe rabin tan a awa. Kada ka yi lissafi da wannan. Ba inji ne ke tsayar da mu ba, duro da dandalin shanya ne. Abin da muke iya gumawa mu busar da kyau a rana tan ɗaya ne, wato kimanin tan 24 a wata in an cire Juma'a da ranakun gyara. Na ga wasu sun kawo wa banki lissafin ƙarfin inji kamar zai yi ta juyawa dare da rana. Ni ba zan kawo maka abin da ba na iya fitarwa ba.

Ta fuskar samun kaya, har yanzu ina noma eka huɗu, nawa da na haya, amma wannan ba ya cika ko sati biyu na aikin inji. Ginshiƙina manoma 35 ne na ƙauyukan kusa. Ina ba su iri da ɗan taki a farkon damina, su biya da shanshera a kaka a farashin ranar, abin da ya ragu kuma in sun ga dama su sayar min. Iri ɗaya nake bayarwa, FARO 44, wanda a nan muke kira sipi. Dalilin ba son kai ba ne. In aka gauraya doguwar ƙwaya da gajera, robobin inji ba za su daidaita da duka biyun ba, ko su murƙushe wannan ko su saki waccan da bawonta. A bara mutum uku ba su cika biya ba, biyu ruwa ya kwanta musu a gona, na ɗaga musu zuwa kakar rani suka cika. Na ukun ya sayar wa wani a ɓoye, na cire shi daga littafi.

To me nake nema, kuma me ya sa?

Jarina na kaina yana sayen kimanin tan 40 a kakar damina, cikin Nuwamba da farkon Disamba. Wannan yana riƙe inji zuwa ƙarshen Janairu. Kuɗin ba ya dawowa da saurin da zan sake saye a farashin kaka, domin masu shaguna suna ɗaukar kaya su biya bayan sati biyu ko uku, kafin nan shanshera ta bar hannun manoma ta shige sito-siton masu ajiya. Daga Fabrairu zuwa shigowar ta rani a Mayu, ina zaune ne kusan hannu rabbana. In saya a hannun masu ajiya, ribar ta tafi gare su. In ban saya ba, inji ya tsaya, albashi yana tafiya, matan gumi su watse, abokan cinikina su koma wani wuri, kuma wanda ya koma ba lallai ya dawo ba.

Ina neman banki ya saya min shanshera tan 60, wato buhu 750 a awon kilo 80, ta tsarin murabaha: ku saya, ku sayar min da ribar da muka yi yarjejeniya a kanta tun farko, in biya kashi-kashi. A lissafin da na kawo na ɗauki kilo a naira 400, jimla naira miliyan 24. In farashin ranar saye ya bambanta, sai a gyara lambobin, tsarin dai bai canza ba. Na zaɓi kakar damina da gangan. Shinkafar Nuwamba hunturu ne ke busar da ita, tana zuwa kusa da 14 da kanta, tana kuma zama wata uku a sito ba ta ce komai ba. Ta rani ita ce ta ƙona ni, ba zan sa kuɗin wani a ajiyarta ba.

Ga abin da tan ɗaya ke bayarwa a wurina, bisa matsakaicin littafinmu. Kilo 1,000 na busasshiyar shanshera yana fitar da tsabar shinkafa kilo 560, tsaki kilo 60, dusa kusan kilo 70, sauran buntu ne da ƙura da tsakuwa. Na sa tsaba a naira 1,000 kilo, ya zama 560,000. Tsaki a 550 ya ba da 33,000, masu tuwo da masa ne ke saye. Dusa kimanin 10,000 a wurin masu kiwo. Jimla 603,000. A ɗaya gefen, shanshera 400,000, sai gumi da man dizal da albashi da buhunan zubi da mota da canjin robobi, waɗanda suke cin kusan 110,000. Abin da ya rage 93,000 a tan. A tan 60, naira miliyan 5 da dubu 580, kuma daga nan ribar banki za ta fita.

Za ka ga ban sa hauhawar farashi a lissafin ba, alhali a yawancin shekaru shinkafa tana ɗagawa tsakanin Fabrairu da Afrilu. Na bar ta waje ne don ba kullum take zuwa ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, kuma a 2025 mun ga farashi ya yi ƙasa maimakon sama. Waɗanda suka ɓoye kaya suna jiran tsada sun sha kashi. Ni abin da ya rage min zafi shi ne ba na ajiya don tsada, ina cashewa ina sayarwa duk sati. Na gwada lissafin ta mummunar fuska ma. In tsabar shinkafa ta faɗi da kashi 10 cikin ɗari, ribar tan ta dawo 37,000. In ta faɗi da kashi 16 ko 17, riba ta ƙare, uwar kuɗi kaɗai za ta dawo. In ta wuce nan, sai dai in cika daga jarina, kuma wannan shi ne amfanin tan 40 ɗin da ba na kowa ba ne sai nawa.

Roƙona mafi girma a kan lokacin biya ne. Fom ɗinku ya nuna biya duk wata daga watan farko. Wannan ya dace da ma'aikacin albashi ko mai kanti, bai dace da mai injin casa ba. Kayan da za a saya a Nuwamba ba zan taɓa su ba sai nawa ya ƙare a ƙarshen Janairu. Zan guma su daga Fabrairu zuwa tsakiyar Afrilu, kuɗinsu ya shigo sati biyu ko uku a baya. In aka ce in fara biya a Disamba, dole in kwashi shansherar in sayar da ita ɗanya a farashin da na saye ta, an kashe dalilin bashin ke nan tun kafin ya fara aiki. Ina roƙon a raba biyan gida huɗu, ƙarshen Maris, Afrilu, Mayu da Yuni. Haka kuma in amincewar ta wuce tsakiyar Disamba, gara a bari sai baɗi, domin kaka ta wuce, kuma kuɗin da ya zo a Janairu ba zai sayi abin da na lissafa ba.

Game da takardar asusuna, abu biyu za su ja hankalinka. Na farko, kafin 2023 kuɗin da ke shiga kaɗan ne, sai kwatsam ya ninka. Ba cinikin ne ya ninka ba. A da hannu da hannu muke yi, kuɗi a leda. Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ne ya tilasta wa masu shaguna turo kuɗi ta waya, da suka saba kuma ba su koma ba. Littattafan shekarun baya suna nan da rubutun hannu, za ka iya gwada su da na yanzu. Na biyu, za ka ga ana cire manyan kuɗi a jere cikin Nuwamba da Yuni. Sayen kaka ne. Har yanzu akwai tsofaffin manoman da ba su yarda da kuɗin da ba su ƙirga da yatsa ba. A wannan karon, waɗanda ke da asusu banki zai iya biyansu kai tsaye, na kawo sunayen 22 daga cikin 35.

Na san abin da ya sa ake ɗari-ɗari da mu. Bayan shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015, maganar bashin manoman shinkafa da bai dawo ba ta cika gari, har wasu suna kallon kowane bashin noma kamar rabon gwamnati. Ban shiga shirin ba, don haka ba za ka ga sunana a ciki ba, ta alheri ko ta tsiya. Bashi ɗaya na taɓa ci a banki, shi ne na 2021, kuma lambar BVN ɗina za ta nuna maka shi.

Jingina kuwa, gonar gado ba ta da takardar mallaka ta gwamnati, ta dagaci ce kawai, kuma akwai haƙƙin ƙannena a ciki, don haka ban sa ta ba kuma ba zan sa ba. Abin da na gabatar shi ne filin ma'aikata da ginin da ke kai, wanda takardunsa suke da sunana, da rasit ɗin injuna, da mutum biyu masu tsaya min, ɗaya cikinsu babban abokin cinikina ne a Kano da muka shekara bakwai muna hulɗa. Ban da haka, sitona ɗaki biyu ne. Na yarda a keɓe ɗaya ga kayan banki, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunku, ana buɗewa duk sati a fitar da na aikin satin a rubuta. Na kuma yarda a yi wa kayan inshorar takaful ta gobara, domin inda buntu yake ba a raina tartsatsi. Murhunmu yana can ƙarshen fili, taku arba'in daga sito, da ganga biyu na ruwa a gefensa kullum.

In za ka zo duba wurin, ranka ya daɗe, ka zo ranar Talata ko Laraba da misalin ƙarfe bakwai na safe, lokacin ana sauke duron farko, kuma kada ka sanar da ni. Ka shiga sito ka nuna buhun da ka ga dama, na tsakiya ko na can ƙasa, a zaro maka. Na'urar awon laima tana rataye a bayan ƙofa, 'yata za ta nuna maka yadda ake soka ta. Littafin shiga da fita yana kan tebur, shafin Yunin 2021 ma yana nan, ban yage shi ba.

Wassalam.